Gidan Bulo: Araha, Inganci ko Zaɓen Kasuwa Guda?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa masu gidajen bulo da magina da ke wurin nan, ina yi muku barka da zuwa.

A shekarar 1980 wani malamin Jami'ar Harvard, Michael Porter, ya ce hanya uku ce ɗan kasuwa ke bi ya tsere wa abokan gasarsa. Ko dai kayansa su riƙa tashi masa da araha fiye da na kowa, ko ya yi kayan da suka fita daban har a yarda a biya shi ƙari, ko kuma ya ware wani yanki na kasuwa ya tsaya a kansa. Ya kuma ja kunnen wanda ya tsaya a tsakiya, bai kama ko ɗaya ba. Mu nan cewa muke taura biyu ba ta taunuwa. Bari mu ɗora maganar a kan bulo mai inci tara.

Farashi yana canzawa kullum, don haka mu ƙaddara kawai. A ce buhun siminti mai kilo 50 naira 10,000 ne. A ce yashi da ruwa da man inji da kuɗin leburori suna cin naira 250 a kowane bulo. Wanda ke fitar da bulo 40 a buhu, simintin kowane bulo naira 250 ne, ya tashi masa 500 ke nan. In ya sayar 600, ya ci 100. Wanda ke fitar da 25 a buhu, simintinsa 400 ne, bulon ya tashi 650. In ya samu mai saye a 800, ya ci 150.

To ga na uku, kuma na san da yawanku a nan kuke. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya son ya cuci kowa, sai ya riƙa fitar da 30 a buhu. Bulonsa ya tashi kusan 583. Amma mai saye ya zo, bai ga bambanci da ido ba, ya ce gidan gaba 600 ne. Shi ma sai ya saki a 600. Ribarsa naira 17. A bulo 100 ya kashe 58,300. In uku suka fashe wajen lodi da saukewa, 97 ya sayar, ya karɓi 58,200. Ya yi aiki, ya biya kowa, ya koma gida da faɗuwa, kuma bai san ta ina kuɗin suka zurare ba. Wannan shi ne tsayuwa a tsakiya: yana kashe kuɗin inganci, yana karɓar kuɗin araha.

Sai mu duba hanyar araha. Ina roƙonku ku ji wannan da kyau: rage siminti ba ya cikinta. Wannan ha'inci ne, kuma mun sha jin ginin da ya rufta da mutane. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya tana da ƙa'idar ƙarfin da bulo ya kamata ya kai, ba a sauka ƙasa da ita don neman riba. Araha ta gaskiya ita ce ka yi bulo irin na maƙwabcinka amma ya tashi maka ƙasa da nasa. Wa ke iya wannan? Wanda ke sauke tirelar siminti mai buhu 600 daga dila, yake da tifarsa ta ɗebo yashi, yake da rijiyar burtsatse, injinsa kuma ba ya hutawa, don haka kuɗin haya da na gyara suna rabuwa a kan dubban bulo. Kai da ke sayen buhu 20 a shago, kake sayen ruwa a tanka, in ka shiga gasar karya farashi da shi, jarinka ne zai fara ƙarewa. A babban gari kamar Kano ko Kaduna, ba na ba ƙaramin gidan bulo shawarar wannan hanya.

Hanyar inganci tana da daɗin faɗi, sai dai tana cin jari a wurin da mutane ba sa lura. Ba siminti kaɗai ba ne. Sai yashi mai tsabta wanda babu laka a cikinsa. Ka zuba shi a kwalba da ruwa ka girgiza ka ajiye, za ka ga lakar ta kwanta a samansa. Sai injin da ke girgiza kwaɓin ya danne shi sosai. Sai ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, musamman a lokacin hunturu da bazara da bulo ke bushewa kafin simintin ya kama. Siminti kuwa sai ya yi kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Yanzu ku lissafa: mai buga 500 a rana, in ya ce ba zai sayar ba sai bulo ya yi mako biyu, kullum akwai bulo 7,000 a filinsa. A kan 650, naira miliyan 4 da dubu 550 ne a shanye a ƙasa. Kana da wannan kuɗin? Kana da filin?

Kuma inganci ba ya zama kuɗi sai mai saye ya gane shi. Ka sa alamarka a jikin bulon. Ka kai samfuri sashen koyon aikin injiniya na jami'a ko kwalejin fasaha a matse shi a inji, ka riƙe takardar sakamakon. In mai saye ya zo, ka ba shi ƙusa ya karta gefen bulon ya ga ko zai zubar da yashi.

Ni a ganina, hanya ta uku ce ta ƙaramin gida, kuma nauyin bulo ne ya ba ku ita. Bulo kaya ne mai nauyi, mai arha, mai fashewa a hanya. Babban gidan da ya fi ka araha da naira 40, in kuɗin mota zuwa unguwarku ya ɗora masa 70 a kowane bulo, kai ne mai araha a wannan unguwa. Don haka ka zaɓi mutanenka. Kana iya zama a sabuwar unguwa da ake yanka filaye, inda ma'aikaci ke sayen bulo 200 duk ƙarshen wata yana gini a hankali. Abin da yake so shi ne a kai masa da a-kori-kura yau, ko ya biya ka ajiye masa. Babban gida ba zai tayar da mota don 200 ba. Ko kuma ka tsaya kan 'yan kwangila da injiniyoyi masu ginin bene, waɗanda za su biya 800 ba gardama in girman bulonka bai saɓa ba, domin bulo mai daidai yana rage musu simintin filasta. Amma su sukan karɓi kaya bashi, kuma in biyu suka tafi, rabin cinikinka ya tafi. Unguwa ma tana cika a daina gini, sai ka riƙa hangen inda gari ya dosa.

Wani ɗan uwa ya miƙo takarda yana tambaya ko zai iya buga iri biyu a fili ɗaya, na katanga da na bene. Za ka iya, Alhaji, amma da sharaɗi. Ka raba ranar buga kowanne, ka raba wurin shanya, ka sa alama a na bene kaɗai, kowanne kuma da shafinsa a littafin lissafi. Na katangar ma kada ya gaza ƙa'ida. Inda ake samun matsala shi ne ranar da na bene ya ƙare, mota tana jira, yaranka suka cike lodin da na katanga. Injiniya zai gane tun wajen saukewa. Gara ka ce masa ya dawo bayan mako guda.