Yadda Ake Buɗe Tagar Katako da Fenti Ya Liƙe

Jama'a masu kallo, wannan tagar katako ce irin wadda ake turawa sama, a wani tsohon gida da ke unguwar Birni a nan Damagaram. An shafa mata fentin mai tana rufe, fentin ya kwarara cikin tsagar da ke tsakanin marfi da firam, ya bushe ya haɗe su. Aikinmu shi ne yanka wannan fenti da wuƙar kuta, wato wuƙar da ake sa wa reza, domin ƙarfen ɓanɓara ba ya shiga sai bayan wuƙa ta gama nata.

Da farko a zare sakata, a duba ko an taɓa kafa ƙusa don hana tagar buɗuwa, saboda fenti yakan ɓoye kan ƙusa. A sa sabuwar reza, a fito da bakinta kaɗan, sannan a ɗora tsininta cikin tsagar a ja daga sama zuwa ƙasa a hankali, ɗaya hannun yana nesa da hanyarta. Ja uku ko huɗu marasa nauyi sun fi ja ɗaya mai ƙarfi, wanda yakan sa reza ta goce ta tsaga katako. A bi gefe biyu, a bi ƙasan marfin da wurin da marfin sama da na ƙasa suka haɗu, sannan a zagaya waje a maimaita, domin galibi can ne ake mantawa. Idan tsinin ya fara nutsewa ba tare da turjiya ba, fentin ya rabu. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, saboda haka a nisantar da yara, a kwashe ɓarɓashinsa da jiƙaƙƙen tsumma.

Yanzu sai ƙarfen ɓanɓara mai faɗin baki. Daga waje ake sa shi, a ƙarƙashin marfin kusa da kusurwa, inda katakon tsaye ya sauko. Kada a sa shi a tsakiya, domin katakon wurin yakan lanƙwashe gilashi ya tsage. A shimfiɗa guntun katako a ƙarƙashin ƙarfen don kada ya lotsa firam, a danna har marfin ya ɗaga kamar milimita 2 ko 3, sannan a koma ɗaya kusurwar a yi daidai haka, ana sauyawa har ya saki.

Idan kusurwa ɗaya ta tashi ɗayar ta ƙi, a ajiye ƙarfen a koma ga wuƙa, domin akwai sauran fenti a wannan gefen. Idan kuwa an yanka ko'ina amma tagar ta cije, musamman a watan Agusta, to laimar damina ce ta kumbura katakon, kuma gara a jira hunturu. Bayan ta buɗe, a kankare fentin da ya taru a hanyar marfin, a goga kyandir a wurin.