Janye takardar neman aiki bayan ka karɓi wani aikin

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ƙannena masu shirin fita neman aiki, barkanku da yamma.

An riga an yi muku bayanin yadda ake rubuta takardar neman aiki, ni kuwa an ba ni yadda ake janye ta. Na ga wasu suna dariya, wai a wannan zamani wa ya samu aiki ɗaya ma, balle ya janye daga na biyu. Ai yana faruwa, domin ba wanda ke neman aiki a wuri guda. Za ka aika wurare goma, duk su yi shiru wata uku, sai biyu su kira ka a mako ɗaya.

Mu ɗauki misali. A ce yarinya ce ta karanta akanta, ta gama bautar ƙasa, ta nemi aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa da kuma wata ƙungiya mai zaman kanta. Ranar Litinin kamfanin ya ba ta takardar ɗaukar aiki. Ita kuwa ƙungiyar ta sa ta cikin mutum biyar da za a yi wa intabiyu zagaye na biyu ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe.

Abu na farko, kada ta janye ranar Litinin don murna. Ta zauna ta karanta takardar kamfanin tukuna. Irin waɗannan takardu sukan zo da sharaɗi: sai an yi gwajin lafiya, sai an tantance takardun makaranta da shaidar bautar ƙasa, sai waɗanda ta ba da sunayensu sun yi mata shaida. Idan akwai sharaɗin da bai cika ba, aikin bai zama nata ba tukuna. Haka idan baki ne kawai, wani manaja ya kira ya ce "an ɗauke ki, ki fara shiri", wannan ba abin da za a janye takarda a kansa ba ne. Manaja yana iya barin wurin gobe, ana iya dakatar da ɗaukar ma'aikata. Sai ta ga albashi da ranar fara aiki a rubuce, ta sa hannu, ta mayar, sun tabbatar sun karɓa. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

To, a ce komai ya kammala ranar Talata da rana. A ranar za ta rubuta wa ƙungiyar, kada ta bari sai Laraba da dare. Ku duba abin daga wajen ma'aikaciyar da ke shirya intabiyun. Ta tara mutum uku ko huɗu da za su zauna, wataƙila ɗaya daga Abuja zai zo, ta raba wa kowane mai neman aiki lokacinsa. A hannunta kuma akwai suna na shida, wanda kaɗan ya rage ya shiga. In saƙo ya iso Talata, za ta kira na shidan ya shirya. In ya iso Alhamis ƙarfe tara, kujerar ta tafi a banza, wani kuma ya rasa damarsa.

Ga abin da za ta rubuta. Ta koma kan saƙon imel ɗin da aka gayyace ta da shi ta amsa a nan, kada ta buɗe sabo, domin sunanta da sunan gurbin da lambarsa duk suna ciki. Galibi da Turanci za a rubuta, a Nijar da Faransanci, amma ga shi da Hausa:

"Hajiya, barka da aiki. Ina sanar da ke cewa na janye takardata ta neman gurbin mataimakiyar akanta, saboda na karɓi aiki a wani wuri. Don haka ba zan halarci intabiyun ranar Alhamis ba. Na gode da lokacin da kuka ba ni, Allah ya haɗa ku da wanda ya dace."

Sai sunanta cikakke a ƙasa, kamar yadda yake a takardar neman aikin. Jimla huɗu ke nan.

Na san abin da ke damun wasunku. Mu da muka tashi da wasiƙar "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri", gajeren saƙo yakan yi mana kama da rashin kunya. Sai mutum ya cika shafi da ba da haƙuri: wallahi ya so wurin, albashin can ne ya fi, ga mahaifiya ba lafiya, ga nisan hanya. To kowane dalili da ka ƙara, ka ba su abin kamawa. Ka ce albashi, sai su ce nawa aka ba ka, za mu duba. Yanzu ka shiga ciniki bayan ka riga ka sa hannu a wani wuri, sai ka sake cewa a'a karo na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Ka ce can ya fi damar ci gaba, ka gaya musu wurinsu ba shi da ita ke nan. Saƙon kuma yana nan a fayil. Bayan shekara biyu ka sake neman aiki a wurin, wani da bai san ka ba zai buɗe ya karanta.

Sannan yawan ba da haƙuri yana nuna kamar an yi laifi, alhali ba a yi ba. Takardar neman aiki ba yarjejeniya ba ce. Ba su yi maka alkawarin ɗauka ba, kai ma ba ka yi musu alkawarin jira ba. Da za su ƙi ɗaukar yarinyar nan, layi biyu za su aiko mata, in ma sun aiko. Lamarin ya sha bamban idan ka riga ka sa hannu a takardarsu sannan kake son fasawa. A nan akwai alkawari, sai ka kira a waya, ka kuma duba abin da takardar ta ce game da wa'adin sanarwa.

Wani haɗarin dogon saƙo shi ne ya ɓoye maganar. Mai karantawa tana da saƙonni da yawa a gabanta, layin farko take dubawa. In ta karanta sakin layi biyu na yabo ba ta ga kalmar janyewa ba, tana iya ɗauka godiya ce kawai, ta bar sunanka a jeri. Gwajin mai sauƙi ne: rufe komai, ka bar jimlar farko bayan gaisuwa. In ba a gane ka janye ba, sake rubutawa. Kuma ban da "ina ganin da wuya in samu zuwa", wannan zai sa su ba ka wata ranar.

Na'am, ɗan'uwa na baya, tambayarka ita ce idan wani babba ne ya kai takardar taka fa? To, shi ba a aika masa jimla huɗu. Idan kawunka ne ko tsohon malaminka ya yi magana a kanka, shi za ka fara sanarwa, kafin ofishin, don kada ya ji a bakin wasu. Ka kira shi, in gari ɗaya kuke ka je gida, ka ce "Kawu, Allah ya kawo wani, na zo in shaida maka kafin in rubuta musu." A nan ne dogon bayani yake da wuri, domin shi ya sa mutuncinsa a ciki. Kana fitowa daga wajensa sai ka aika wa ofishin gajeren saƙon nan. Idan kuma ta shafin intanet ka nema, ka duba ko akwai wurin janyewa ka danna, amma in har wani ya taɓa rubuto maka da sunansa, ka aika masa saƙon shi ma.

Ƙanwata mai jan mayafi, kin ce in sun amsa suna tambayar ina za ki? Ba dole ki faɗa ba. Ki ce kin gode, kin fi so ki bar shi har ki fara aiki. In kuma ba su amsa komai ba, kada ki sake aikawa, sai dai in ranar intabiyun ta matso, to ki kira sau ɗaya ki tabbatar saƙon ya isa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Sauran tambayoyin a kawo bayan sallar Magariba.