"Malam, fomula ta ƙi aiki": me zan yi da wannan saƙon?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Darasin yau daga wani saƙo ya samo asali. Wani ɗalibina ya rubuto, ya ce: "Malam, fomulata a Excel ta ƙi aiki, a taimaka." Shi ke nan. Bai turo fomular ba, bai faɗi abin da ta fitar ba.

To, "ta ƙi aiki" ɗin nan fuska gare ta da yawa. In #NAME? ka gani, galibi ka yi kuskure wajen rubuta sunan fomular. In #REF! ne, an goge akwatin da take dogaro da shi. In kuwa ##### ya cika akwatin, yawanci lafiyarta ƙalau, faɗin wurin ne bai ishi lambar ba. Kowanne maganinsa daban, ni kuma daga nan ba na ganin allonka.

Sai na ce masa abu uku nake so: fomular kamar yadda ya rubuta ta, abin da ta ba shi, da abin da yake tsammani. Na ce kada ya rubuto daga ka, ya danna akwatin ya kwafo ta daga layin fomula da ke saman allon, don sau da yawa waƙafi ɗaya ne matsalar, in ya sake rubutawa sai ya gyara bai sani ba. Ga abin da ya turo:

```
=SUM(B2:B6)
```

Lambobinsa 40, 25, 60, 15 da 10. Ku tara da kanku, 150 ne. Shi kuwa 75 yake samu, ba wata alamar kuskure. Kun ga fomular ba ta da laifi. Ku duba giɓin: 75 ya ɓace, kuma 60 da 15 in ka haɗa su 75 ne daidai. Nan na fara zargin akwatunan nan biyu. Ba don ya faɗi sakamakon ba, da har yanzu lalube muke yi.

Na sa shi ya rubuta wannan a gefe:

```
=COUNT(B2:B6)
```

COUNT akwatunan da ke ɗauke da lambobi kawai take ƙirgawa. Ta ba shi 3, alhali akwati biyar ne cike. Wato biyu a ido lambobi ne, amma Excel rubutu ya ɗauke su, ita kuma SUM tsallake rubutu take yi shiru, ba ta ce maka komai. Hakan na yawan faruwa in an kwafo lambobi daga wani wuri. Za ma ka iya ganewa da ido: in ba a taɓa tsarin ba, lamba dama take jingina, rubutu hagu.

Gyaran ba wuya. Ya zaɓi akwatunan biyu, ya danna alamar gargaɗin da ta bayyana a gefensu, ya zaɓi Convert to Number. Nan take 75 ya koma 150.