Darasin Lafiya: Shekarun da Ke Gaban Ɗaukewar Al'ada

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da wannan lokaci. Darasinmu na yau a kan ɗaukewar jinin al'ada ne, kuma ina roƙon maza kada su kashe rediyo, domin rabin maganar da ku nake.

Bari mu fara da lissafi. A wurin likitoci, ba a cewa al'adar mace ta ɗauke sai ta yi wata 12 cur a jere ba ta ga jini ba, kuma ba ciki ba ne, ba wani magani ne ya tsayar da shi ba. Yawancin mata hakan na samun su tsakanin shekara 45 zuwa 55. Amma abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, wahalar ba ta jira sai jinin ya tsaya. Tun ana saura shekara huɗu, wata ma takwas, jiki yake fara canzawa. Mace tana ganin al'adarta, don haka ko a ranta ba ta kawo cewa abin ne ya fara ba.

Me ke faruwa a ciki? Ƙwayayen haihuwar mace ƙidayayyu ne tun daga haihuwarta. Idan suka kusa ƙarewa, gidan ƙwan ba ya fitar da istirojin, wato sinadarin da ke tafiyar da al'adar mace, yadda ya saba. Kuma fa ba sauka yake yi a hankali kamar mai saukowa daga bene ba. Wannan watan ya yi sama, wata mai zuwa ya faɗi ƙasa. Wannan hawa da saukar ne ke gigita jiki.

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 47. Da al'adarta duk kwana 28 take zuwa. Yanzu ta zo a kwana 23, sannan ta yi wata biyu shiru, sannan ta dawo da yawa. Cikin dare, wajen ƙarfe biyu, sai ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji ya hau wuya da fuska, gabanta na faɗuwa, gumi ya jiƙa rigar barci. Minti biyu zuwa biyar ya wuce, sai kuma sanyi ya kama ta. Ba zazzaɓi ba ne. A ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke daidaita zafin jiki, kuma idan istirojin ya ragu sai wurin ya zama mai saurin firgita. Ɗan ɗumi kaɗan sai ya ɗauka jiki ya yi zafi, ya buɗe jijiyoyin fata, ya saki gumi.

To, ku riƙe wannan matar a ranku. Ta farka sau uku a dare, ta canza riga, barci ya ƙi komawa. Haka jiya, haka shekaranjiya, haka wata uku. Da safe yaro ya zubar da ruwa, sai ta yi masa faɗan da ita kanta daga baya take jin kunyarsa. Ta shiga ɗaki ta manta abin da ta shiga ɗauka. Mutanen gida kuwa faɗan kawai suke gani, ba wanda ya ga daren. Ni a ganina a nan ne yawancin rigimar take. Gaskiya ne canjin sinadarin da kansa yana taɓa zuciya, yana kawo ƙunci da fargaba, musamman ga wadda ta taɓa fama da ciwon damuwa a baya. Amma ko namiji ka hana shi barci na wata uku, za ka ga halin da ba ka san shi da shi ba.

Shi ya sa idan maigida zai yi magana, ta barci zai fara, ba ta hali ba. "Kin cika faɗa kwanan nan" ƙofa ce da ka rufe da hannunka. Amma ka ce, "Na lura kina tashi cikin dare, zafin ne yake tashin ki?" Wannan tambayar tana da amsa, kuma tana nuna ka gani. Kada kuma ka yi ta ana tsakiyar rigima, ka bari an huce. Yara manya, kalma biyu za ku cire daga bakinku: "tsufa ne" da "ai haka Mama take yanzu". Mace mai shekara 47 tana iya samun shekara talatin a gabanta. Ke kuma uwar gida, ba sai kin buɗe wa yara komai ba. Ki ce, "Jikina yana canzawa, ba na samun barci, idan na yi zafi ba ku ba ne." Ya isa.

Akwai wata matsalar da sai tsakanin mata da miji, kuma ita aka fi yin shiru a kanta. Raguwar istirojin yana sa fatar gaba ta yi siriri ta bushe, sai kwanciyar aure ta zama da zafi, wani lokaci har da yawan fitsari da raɗaɗi. Mace ta riƙa kaucewa, miji ya fassara da ƙiyayya. Abin haushin shi ne wannan yana cikin masu sauƙin magani: akwai man da ke rage bushewa, akwai kuma na istirojin da likita ke rubutawa a sa a wurin. Zafin jiki yakan lafa bayan wasu shekaru, amma bushewar nan ba ta cika tafiya da kanta ba, don haka haƙuri ba ya warkar da ita.

Ga zafin dare, a fara da abu mai sauƙi: ɗaki mai iska, tufafi marasa nauyi, motsa jiki da rana, a bar taba. Idan ya hana rayuwa, akwai maganin da ke mayar da sinadarin, kuma shi ya fi kowanne aiki a kan zafin. Sai dai wadda mahaifarta na nan dole a haɗa mata da wani sinadarin mai suna furojestaron don kare bangon mahaifa, kuma wadda ta taɓa yin kansar mama ko daskarewar jini a jijiya galibi ba a ba ta. Ba maganin da za ki karɓa a hannun ƙawa ba ne.

Kada kuma a ɗora wa wannan lokaci komai. Ƙarancin jini da ciwon tayirod, wato ƙwayar nan da ke gaban wuya, suna kawo gajiya da faɗuwar gaba iri ɗaya, gwajin jini ne ke bambancewa. A je asibiti idan jini yana cika audugar mata duk awa, ko ya wuce kwana bakwai, ko yana zuwa bayan kwanciya. A je idan al'ada ta ɗauke kafin shekara 40. A je da gaggawa idan ƙuncin ya kai mace tana jin gara ta mutu. Sannan bayan wata 12 ɗin nan sun cika, ko ɗigo ɗaya na jini aka gani, ba al'ada ce ta dawo ba. Sau da yawa ba abin tsoro ba ne, amma yana iya zama alamar farko ta kansar mahaifa, sai an duba.

Matarmu mai shekara 47 kuma, kada ta manta har yanzu tana iya ɗaukar ciki. Wadda ke tazarar haihuwa kuma ba ta kai 50 ba, ana ba ta shawarar ta ci gaba har shekara biyu bayan jinin ƙarshe, wadda ta haura 50 kuwa shekara ɗaya. Ta samu ɗan littafi tana rubuta ranar da jini ya zo, kwana nawa ya yi, da sau nawa ta farka a dare. Shi za ta miƙa wa likita idan ta je.

Lokacinmu ya cika, sai mun sake haɗuwa.