Saƙon da Ba Gyara Yake Buƙata Ba, Kira Yake So

Assalamu alaikum. Malamai, sakatarori, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

A ce ƙarshen zango ne, shugaban makaranta ya ajiye miki saƙo 40 da za a tura wa iyaye, ya ce ki gyara su, ki tausasa harshe. Kafin ki taɓa ko ɗaya, karanta su duka, ki ware waɗanda ba za a tura ba sam. Alamomi huɗu zan ba ku.

Ta farko: duk saƙon da ba ki san jimlarsa ta biyu ba sai kin ji amsar mutum, wannan na kira ne. Ranar komawa hutu, kuɗin littattafai, taron iyaye da malamai, waɗannan ki gyara ki tura, ko me uba zai ce ranar ba za ta canza ba. Amma ga wani a cikin 40 ɗin: yaro ɗan aji huɗu zai maimaita aji. Kin rubuta, kin goge, kin sake rubutawa, kin sa "muna baƙin cikin sanar da ku", kin cire. Har yanzu bai zauna ba. Ba Hausarki ce ta gaza ba. Abin da za ki faɗa nan gaba ya dogara da abin da uban zai ce. In ya ce yaron ya yi jinya makonni shida, magana ɗaya ce. In ya ce bai taɓa ganin sakamakon zangon da ya wuce ba, wata magana ce daban, don wataƙila yaron ɓoyewa yake yi. Rubutu ba ya iya tsayawa ya saurara.

Kuma, ku ji wannan da kyau, wa zai karanta? Mu a ofis muna ɗauka mai lambar shi ne mai karatun. Ina! Uba da yawa ajami ya iya, boko sai a hankali, sai ya miƙa wayar ga wanda ke kusa. A kasuwa yaron shago ne. A gida kuwa wa zai karanta masa? (Murya daga cikin zaure: "Yaron!") Yaron da kansa! Shi zai karanta wa babansa cewa ya faɗi, in ma bai ce masa saƙon kamfanin waya ba ne. (Dariya.) Kuna dariya, amma ku duba ɗan shekara tara da aka ɗora wa wannan. Wata lambar kuma ta kishiyar uwa ce, wata ta kawu. Kin tona asirin gida ba ki sani ba. Wa zai karanta? Ku riƙa tambayar kanku wannan a kan kowane saƙo. Idan kin kira, abu na farko ki tabbatar da wanda kike magana da shi, ki gaisa, ki ce "Alhaji, kana inda za mu iya magana?" In ya ce yana cikin mutane, ki nemi lokaci.

Ta biyu, bashi a gidan da aka yi rashi. Uwa tana takaba, wata huɗu da kwana goma, saƙon kuɗin makaranta ya faɗo mata kamar na kowa. Babu kalmar da za ta gyara wannan. A cire shi. Shugaba ya fara zuwa ta'aziyya, maganar kuɗi daga baya.

Ta uku, wato wa zai karanta... a'a, na riga na haɗa ta da ta farko. Sai ta huɗu, canjin lambar asusun banki. Haka 'yan damfara ke yi, su turo saƙo wai an canza asusu. Ki kira da lambar da iyaye suka sani, a kuma ba yara takarda mai hatimi. Yaro ya ji rauni a filin wasa, wannan ba sai na faɗa ba, kira nan take. Bayan kowane kira ki tura layi biyu na abin da aka tsayar, ki rubuta rana da lokaci a littafi.

Na'am, Malama?

(Tambaya: "Kati tsada yake. Saƙon murya a WhatsApp fa?")

Ya warware matsalar karatu, gaskiya ne, kuma don sanarwa ina son sa ƙwarai. Amma ke kaɗai kike magana, shi ma ba ya saurare. Uba zai kunna shi da ƙarfi a majalisa, kowa ya ji, kuma ana iya tura shi gaba. Batun kati kuma, cikin 40 ɗin nan wataƙila biyar ne na kira, kowanne minti uku zuwa huɗu. Ki kai wa shugaba jerin biyar ɗin a rubuce, da dalilin kowanne, ki ce ga waɗanda za ki kira, ga na maimaita aji da ya kamata malamin ajin ya kira don shi ke da amsoshin, ga na gidan rasuwa da sai shugaba da kansa. Wanda ba a samu ba bayan kira biyu, a tura masa cewa makaranta na neman magana da shi, kada a faɗi dalili. Akwai wata tambaya can baya?