Ba wace ce ta fi ba, wace ce za ka iya?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a waya, rigima ɗaya ake yi. Wannan ya ce a bar sitaci gaba ɗaya. Wancan ya ce a'a, maiƙo ne abokin gaba. Wata kuma ta ce ita sau ɗaya take cin abinci a wuni, ga hotonta na da, ga na yanzu. Kowa da hotonsa, kowa da rantsuwarsa. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: wace hanya ce ta fi rage ƙiba?

Bari mu bi ta kan wannan da sauri, don an riga an gwada. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2018, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka ƙarƙashin Christopher Gardner suka raba mutum 609 gida biyu. Rabi suka rage maiƙo, rabi suka rage sitaci da sukari, tsawon shekara guda. Na farko suka sauke kilo 5.3 a matsakaici, na biyu kilo 6. Tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Amma ku dubi yadda sakamakon ya warwatse: a cikin kowane rukuni akwai wanda ya sauke kusan kilo 30, akwai wanda ya ƙaru da kusan kilo 10. Umarni ɗaya aka ba su fa.

Tun a 2005 an ga irin wannan a Boston, inda aka raba mutum 160 a kan shahararrun tsare-tsaren cin abinci huɗu. Bayan shekara, duk sun tashi tsakanin kilo 2 da kilo 3 da ɗoriya. Abin da ya raba mai nasara da marar nasara shi ne yadda mutum ya riƙe tsarin. Sunan tsarin bai yi wani tasiri ba.

Makon farko ma kada ya ruɗe ku. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Ka yanke sitaci, ajiyar ta ragu, ruwan ya bi fitsari, sikeli ya nuna kilo ɗaya ko biyu sun tafi. Yawancinsa ruwa ne. Ka yi murna, ba laifi, amma kada ka kai wa tela kayanka tukuna.

To, yanzu mu tsaya. Nan ne wurin da kusan kowa yake kuskuren fahimta.

Ku ɗauka an zana layi da ke nuna nauyin mai rage ƙiba wata bayan wata. Yana gangarowa, yana gangarowa, sai wajen wata na shida ya kwanta, daga baya ya fara ɗagowa a hankali. An ga wannan siffa a bincike da yawa, kowane irin abinci aka bi. Idan mutum ya iso nan sai ya ce tsarin ya daina aiki, ko jikinsa ya daina ƙona abinci. Ba haka abin yake ba, ko kuma in ce, ba shi ne babban dalili ba.

Mu ɗauki misali. A ce mutum mai kilo 90, jikinsa yana ƙona kalori 2,500 a rana, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Ya rage abinci zuwa 2,000, giɓin 500 ke nan. Bayan 'yan watanni ya sauke kilo 6. Abu biyu suka faru a jikinsa, ba tare da an nemi izininsa ba.

Na ɗaya, ƙaramin jiki ba ya buƙatar abincin babban jiki. Duk kilo ɗaya da ya tafi, abin da jiki yake ƙonawa a rana yana raguwa da kalori 20 zuwa 30. A kilo 6, kusan 150 ke nan. Giɓinsa ya koma 350. Wannan shi ne abin da mutane suka fi ji, kuma shi ne ƙaramin.

Na biyu shi ne yunwa. Wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2016 cewa duk kilo ɗaya da aka sauke, sha'awar cin abinci tana ƙaruwa da kusan kalori 100 a rana. A kilo 6, cikin mutumin nan yana neman ƙarin 600. Kullum. Ku kwatanta: 150 a can, 600 a nan.

Kuma ba sai ya ci duka 600 ɗin ba kafin sikeli ya tsaya. 350 kawai ake nema. Ƙarin cokali guda na mai a girki, wajen 120. Lemon gwangwani ɗaya, wajen 140. Yankan burodi ɗaya da dare. Shi ke nan, giɓi ya rufe. Ka tambaye shi, zai rantse bai canza komai ba, kuma ni na yarda ba ƙarya yake yi ba. Lomar ce take ƙaruwa a hankali, ido ba ya gani.

Za ku ce ai jiki zai saba. A Melbourne, a 2011, an bi mutane da suka sauke fiye da kilo 13 cikin mako 10 da abinci kaɗan ƙwarai. Shekara guda bayan nan, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama, leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiyar kitse yana nan ƙasa da yadda yake a da, kuma mutanen suna cewa sun fi jin yunwa. Shekara guda cur.

Saboda haka rage ƙiba ba kamar maganin kwana bakwai ba ne da za ka shanye ka jefar da kwalin. Ranar da mutuminmu ya koma cin 2,500 ɗinsa na da, jikinsa 2,350 yake ƙonawa, ga yunwa tana tura shi gaba. Nauyin zai dawo. Idan yana son ya zauna a kilo 84, sai ya ci abincin mai kilo 84 bana, baɗi da baɗin baɗaɗa. Tsarin da ya raba ka da cin abinci tare da iyalinka, ko ya fi ƙarfin aljihunka, ko ya sa ka kwana kana mafarkin abinci, da wuya ya kai can.

Abin da ya burge ni a binciken Stanford shi ne yadda aka yi da mutanen. Mako takwas na farko aka ce kowane rukuni ya yanke nasa sosai, maiƙo ko sitaci da sukari, zuwa giram 20 a rana. Daga nan aka ce su riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan har su kai mafi ƙanƙantar adadin da suke ganin za su iya zama a kai ba ranar dainawa. Aka kuma ce kowa ya yawaita ganye, ya rage sukari da abincin da aka sarrafa sosai a masana'anta. Lura fa, ɗorewa ba ta nufin ci yadda ka ga dama. Dole giɓin ya kasance, sai dai wanda za a iya ɗauka. Furotin da abinci mai harza suna taimakawa nan, don sun fi riƙe ciki.

Ta yaya za ka gane naka ya fara zamewa? Hau sikeli da safe, rana ɗaya a mako, ka kalli inda layin ya nufa cikin wata guda, kada na jiya da yau su dame ka. Idan ya tsaya, rubuta duk abin da ya shiga bakinka na 'yan kwanaki, har da abin sha da ɗanɗanon girki, kafin ka zargi tsarin. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kuwa, su fara ganin likita kafin su taɓa abincinsu, don ga mai insulin yanke sitaci kwatsam yana iya kayar da sukarin jini ƙasa sosai.