Tarankin bai cika ba amma waya ta dahu

Bilkisu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a shirin namu na masu aikin wuta. Yau ina tare da Baba Habu, wanda ya fara wayarin tun kafin a haife ni, sai kuma Injiniya Nura. Baba, labarin nan da ka fara ba mu a mota, don Allah maimaita shi.

Baba Habu: Wa'alaikumussalam 'yata. Wani zauren biki ne a nan Kano, ba zan faɗi suna ba. Watan Afrilu, zafi kamar a gasa mutum, aka kira ni wai ana jin ƙaurin roba duk sanda aka kunna esi amma bireka ba ta taɓa faɗuwa ba. Esi shida ne irin na tsaye manyan nan, kowanne da layinsa, waya 2.5 da bireka mai am 20, duka an zubo su cikin tarankin ƙarfe, wato dogon akwatin nan mai murfi da ake shimfiɗa waya a ciki, guda ɗaya mai milimita 50 da 50 a cikin silin ƙarƙashin kwano. Na hau, na cire murfin, wallahi robar wayar ta yi tauri ta canza kala, ja ta koma kamar ƙasa-ƙasa, da na lanƙwasa guda ɗaya sai ta tsage kamar busasshiyar ganda.

Nura: Ka auna abin da suke ja?

Baba Habu: Na saƙala mita, kowanne wajen am 13. Shi ne yaron da ya yi aikin yake ta rantsuwa, yana cewa Baba ai 2.5 tana ɗaukar am 24, kuma dubi tarankin ɗin ko rabi bai kai ba, ina laifina.

Bilkisu: To ni dai ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Nura: Bai yi ƙarya ba, duka biyun gaskiya ne, shi ya sa abin yake rikita mutane. Mu fara da cikar. Ƙa'idar tarankin ita ce waya kada ta cinye fiye da kashi 45 cikin ɗari na faɗin cikinsa. 50 sau 50 ya ba ka 2500, kashi 45 ɗinsa 1125 kenan. Layi shida, kowanne da waya uku, mai wuta da nutural da ta ƙasa, guda 18, kowacce da robarta tana cin wajen 12 da ɗoriya, gaba ɗaya ɗari biyu da 'yan kai. Kashi goma ma bai cika ba. Ta wannan fannin yaron nan ya ci jarrabawa. Amma kashi 45 ɗin an sa shi ne musamman don a iya shimfiɗa waya a kuma zare ta ba tare da an goge robarta ba, kuma murfi ya rufu. Ba shi ne lissafin zafi ba, na zafi daban yake.

Bilkisu: To am 24 ɗin fa?

Nura: Am 24 ɗin da ke cikin teburin BS 7671, littafin ƙa'idar Birtaniya da yawancin injiniyoyinmu ke aiki da shi, sharaɗi biyu gare shi. Layi ɗaya ne shi kaɗai a cikin tarankin, kuma iskar wurin digiri 30 ce. Robar nan ta wayar gida iyakarta digiri 70, to tazarar da ke tsakanin 30 da 70 ita ce jarinka gaba ɗaya. Baba, cikin silin ɗin nan zai kai nawa?

Baba Habu: Ban hau da ma'aunin zafi ba, amma minti goma na yi rigata ta jiƙe sharkaf. Idan waje 40 ne ai ƙarƙashin kwano ya wuce nan.

Nura: Mu ce 45, mun ma yi masa sassauci. A digiri 45 teburin ya ce ka ninka da 0.79. Sai maganar cunkoso, kowace waya tana fitar da zafinta, ta tsakiya ba ta da inda za ta kai nata sai jikin 'yar'uwarta wadda ita ma zafin take fitarwa, kamar mutum shida a bayan tasi da rana tsaka. Layi biyu a haɗe 0.80, uku 0.70, shida 0.57. To yi lissafin, 24 sau 0.79 sau 0.57.

Bilkisu: Bari in danna... 10.8.

Nura: Shi kenan. Wayar da yake tunanin ta am 24 ce, a wurin da ya ajiye ta ta am 11 ce ma da kyar, ana ɗora mata 13 tun daga azahar har a tashi biki.

Baba Habu: Ita kuwa bireka tana zaune abinta.

Nura: Me zai tashe ta? Am 20 aka ce ta jira, 13 take gani. Bireka ba ta jin zafin da ke cikin silin, wutar da ke ratsa ta kawai ta sani. Shi ya sa ni daga bireka nake faro lissafi in koma baya. Am 20 raba da sakamakon 0.79 sau 0.57, ya ba ka wajen 44. Ka duba tebur, waya 4 tana ɗaukar 32, waya 6 tana ɗaukar 41, duk ba su kai ba, sai 10 mai am 57.

Bilkisu: Waya 10 don esi ɗaya! Mai zauren ai korarka zai yi.

Baba Habu: Da kuɗin tagulla a yanzu? Har ƙofa zai raka ka.

Nura: Shi ya sa ake cewa hanyar wayar ma zane ce, ba a barin ta sai ƙarshen aiki a sayo abin da aka samu a kasuwa. Raba su gida biyu, uku-uku, ka koma 0.70, lissafi ya sauko wajen 36, waya 6 ta isa. Ko kuma ka bar tarankin gaba ɗaya ka sa tire mai huji-huji, ka jera kebul mai riga a kai sahu ɗaya, nan guda shida 0.73 ne, kuma kebul 4 a sarari kan tire yana ɗaukar am 40, abin da ake nema wajen 35, ya wuce lafiya.

Baba Habu: Tiren muka sa. Amma ka jaddada sahu ɗayan nan Injiniya, don yaranmu suna da son kwalliya, su tattara kebul shida su ɗaure da taya-raf tamau kamar damin dawa su ce aiki ya yi kyau.

Nura: Da ka ɗaure su dami ka koma 0.57 ko da a kan tiren suke, kuɗin tiren ya tafi a banza. Haka idan ka hau sahu na biyu a kan na farko. In ma akwai fili ka bar tazara tsakaninsu da ta wuce kaurin kebul ɗin sau biyu, to ba ka rage komai ba saboda cunkoso, sai na zafin wuri kawai. Shi ya sa ni ba na son jin "akwai sauran wuri a tiren". Wurin da ka gani a buɗe wataƙila da gangan aka bar shi don iska. Bayan shekara biyu wani ya zo ya ƙara layin firiza uku a ciki, ya rage wa na dā ƙarfi bai ma sani ba.

Bilkisu: To tunda an zo kan tire, tazarar maƙalan da ke riƙe shi fa? Na sha ganin tire ya yi ciki kamar igiyar shanya.

Baba Habu: Ni mita ɗaya da rabi na saba, in kaya da nauyi in matso zuwa 1.2.

Nura: Daidai ne a yawancin aiki, amma takardar kamfanin da ya ƙera tiren ce alƙali, tana nuna kilo nawa kowace mita za ta ɗauka a tazara kaza. Ka tara nauyin kebul ɗinka na mita ɗaya ka gwada da ita. Abin da mutane ba su sani ba, lanƙwasar ba bin tazara take a hankali ba. Ka ninka tazara sau biyu, cikin da tiren zai yi sau 16 ne. Ko daga 1.5 zuwa mita 2, don a rage maƙali ɗaya cikin huɗu, ya ninka sau uku da ɗoriya.

Baba Habu: Kuma mahaɗar tire biyu kada ta faɗo tsakiyar tazara, nan ne ya fi rauni, a matso da ita kusa da maƙali, wajen kwata ɗin tazarar. Duk kwana kuma a sa maƙali gabanta da bayanta. Sannan tire ba tsani ba ne, na taɓa kama mai fenti tsaye a kan nawa.

Nura: Ƙari ɗaya, tun bugun 2018 ƙa'idar ta ce a ko'ina cikin gini dole a riƙe waya ta yadda gobara ba za ta zubo da ita da wuri ba. Wato kilif na roba ko tarankin roba shi kaɗai bai isa ba, sai da ƙarfe a ciki, don kada in roba ta narke wayoyi su sauko a hanyar fita su harɗe mutane cikin hayaƙi.

Bilkisu: Baba, ka ce akwai wani abu kuma da ka tarar a cikin tarankin nan.

Baba Habu: Wayar kyamara da ta lasifika! Mai kyamara ya zo daga baya ya ga fili, ya zura nasa. Manaja yana ta ƙorafi hoton yana rawa, lasifika tana gurnani duk sanda kwamfuresa ta tashi, har an canza amfilifaya sau ɗaya.

Nura: Illa biyu ce nan. Ta farko hayaniyar da wayar wuta ke watsa wa ta sigina in sun yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ta biyu ta fi muni, robar ƙaramar wayar ba a yi ta don bolt 230 ba, ga ta kwance jikin wayar da robarta ke tsagewa, ranar da suka haɗu wutar za ta fito a jikin kyamara ko makirufo da ke hannun mutum. Ko dai kowa da hanyarsa, ko tarankin mai ɗaki-ɗaki da katangar ƙarfe da aka haɗa da ƙasa. In babu katanga ni santimita 30 nake bari, in dole su gitta juna su gitta a miƙe kamar mararraba. Wayar ƙararrawar gobara kuwa hanyarta daban, ba ta haɗa ɗaki da kowa.

Bilkisu: Tsohon tarankin fa, kun cire?

Baba Habu: A'a, mun zare dafaffun wayoyin mun bar wa mai kyamara shi, da nisansa daga tiren. Amma shi ma nasa sai da aka canza wajen mita takwas, inda ya kwanta cikin damin, don robar ta manne da ta esi sai da wuƙa muka raba su.